Kafin Ka Faɗi Yawan Buhunan Siminti

Ƙannena matasa masu koyon gini, da ku da kuka fito daga makarantun koyon sana'a na Garoua kuka fara karɓar aiki da kanku, akwai wata tambaya da za ta riƙa zuwa muku ta waya fiye da kowace. Mutum yana Bibémi, kai kana Garoua. Kafinta ya gama kafa katako, an shimfiɗa rodi, sai mai aikin ya ajiye sanda a ciki, ya ɗauki hoto, ya turo maka da saƙo: "Malam, duba min, buhu nawa zai ci?" Motar da za ta ɗauko siminti tana jira, shi ma yana jira, kuma yana ganin tunda ga sanda a hoto, ai lissafi ya ƙare.

Ba na cewa ku ƙi amsawa. Hoto mai sanda yana da amfani, kuma wanda ya iya karanta shi zai fitar da faɗi da tsawo kusa da gaskiya. Abin da nake so ku riƙe shi ne sandar nan ba ta faɗin gaskiya sai a daidai wurin da take kwance, kuma abin da ya fi cin siminti, wato kauri, ba ya fitowa a hoton ko kaɗan. Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe.

A ce wani manomi a Bibémi yana son zuba daɓen kankare a siton da zai riƙa ajiye masara da gyaɗa. An cike ƙasa da jar ƙasa, an daddale, an kewaye da katako. Ɗansa ya koma baya kamar taku biyar daga bakin katakon, ya hau kan tulin bulo, ya ɗauki hoto yana fuskantar wurin sosai. Sandar mita 2 ce, an kwantar da ita a kan katakon da ya fi kusa da mai ɗaukar hoton. Ka buɗe hoton a kan babban allo ko ka buga shi a takarda, ka ɗora rula. Sanda ta ba ka santimita 6.0. Katakon da take kwance a kansa, daga ciki zuwa ciki, ya ba ka santimita 12.6. Ke nan kowace mita ɗaya a wannan layin tana daidai da santimita 3 a hoto, kuma 12.6 a raba da 3 ya ba da mita 4.20. Wannan shi ne faɗin daɓen, kuma za ka iya dogara da shi, domin sandar da katakon suna nesa ɗaya da idon kyamara.

Wannan sharaɗin na nesa ɗaya shi ne tushen komai. Kun san yadda sa yake a kasuwar shanu ta Adoumri: wanda ke gabanka ya cika ido, wanda ke can ƙarshen kara kuwa kamar maraƙi, alhali wataƙila ya fi na kusa girma. Idon mutum yana gyara wannan da kansa saboda ya san nisan. Rula ba ta gyarawa. Tun kusan shekaru dubu da suka wuce Ibn al-Haytham ya yi bayani a Alƙahira, cikin littafinsa Kitab al-Manazir, cewa haske yana zuwa ido ne a miƙe daga abin da ake kallo, kuma girman da muke gani ya dogara da nisa. Kyamarar waya tana bin ƙa'idar nan ba sassauci: abu ya ninka nisansa, girmansa a hoto ya ragu da rabi.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa idan yaron bai ɗora sandar a kan katakon ba, ya jefa ta ciki kan rodi, rabin mita kacal gaba da katakon. Mai hoton yana mita 4 daga katakon, sandar kuma tana mita 4 da rabi. A hoto ba za ta ba da santimita 6.0 ba, za ta ba da 5.3. Idan ka auna katakon da ita, faɗin zai fito kusan mita 4.75 maimakon 4.20. Idan mita ɗaya cur ta shiga ciki, za ta ba da 4.8, faɗin ya zama mita 5.25. Babban kuskure ba shi ne abin tsoro ba, domin idan lissafi ya ce sito mita ɗaya ne, kowa zai gane an yi ɓata. Abin tsoro shi ne irin wannan, 4.75 a madadin 4.20, lambar da ta yi kama da gaskiya, wadda ba wanda zai yi mata gardama sai ranar zubi. Saboda haka abu na farko da za ka duba a hoto ba katako ba ne, sandar ce: a ina take kwance, kuma tana layi ɗaya da abin da kake son aunawa?

Haka nan ka tambayi sandar kanta. Wa ya auna ta? Sau da yawa abin da ake kira sandar mita 2 guntun katako ne da kafinta ya yanke da ido, ko gora da aka auna da kamu. Idan ta gaza da santimita 10, duk abin da ka auna da ita ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, a faɗi da kuma tsawo, sai kuskuren ya haɗu ya zama kusan kashi 10 a fili. Ni shawarata, kowane ɗayanku ya sa a yanke masa sanda miƙaƙƙiya, a auna ta da tef, a shafa mata fenti fari da baƙi bi da bi kowane santimita 50, ya bar ta a wurin aikin. Sanda mai launi biyu tana fitowa sarai ko hoton ya dushe, kuma idan tulin yashi ya rufe ƙarshenta, sauran gaɓoɓin suna nan.

Tsawo ya fi faɗi wuya, domin yana tafiya ne yana nisa da kyamara. A hoton nan namu, katakon gefe mai tsawon mita 6 bai wuce santimita 5 da 'yan kai ba a kan rula, ya fi sandar mita 2 gajarta. Wanda ya raba shi da 3 kamar yadda muka yi wa faɗi, zai samu ƙasa da mita 2. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce a sake ɗaukar wani hoton daga gefe, a ɗora sandar a kan dogon katakon, mai hoton ya tsaya tsakiya yana fuskantar ta. Sai tsawon ya zama faɗi a sabon hoton, ka yi masa lissafin farko.

Amma akwai lokacin da bango ko rami ya hana a tsaya a gefe. A nan akwai dabara mai kyau da ya kamata ku koya, domin tana aiki ko an karkata wayar ƙasa, muddin katakon kusa yana kwance daidai a hoton, bai karkace ba. Ka ce a kwantar da sandar a jikin katakon gefe, gindinta a kusurwar kusa, kanta yana duban nesa, a ɗauki hoto daga inda aka ɗauki na farko. Daga nan ba sandar za ka auna ba, faɗin daɓen za ka auna a wurare uku: a gindin sandar, a daidai kanta, da can katakon ƙarshe. Faɗin a ƙasa ɗaya ne, amma a hoto yana tsukewa, kuma yadda yake tsukewa shi ke gaya maka nisa. A namu, gindin sanda ya ba da 12.6, kan sanda ya ba da 8.4, katakon ƙarshe ya ba da 5.0.

```
12.6 ÷ 8.4 = 1.50    1.50 − 1 = 0.50
12.6 ÷ 5.0 = 2.52    2.52 − 1 = 1.52
1.52 ÷ 0.50 × 2 m = 6.08 m
```

Ma'anarsa ita ce tafiyar mita 2 ta haifar da 0.50, tafiyar dukan tsawon ta haifar da 1.52, ke nan tsawon ya ninka sandar sau uku da ɗan ɗoriya. Mun samu mita 6.08, tef kuma zai ce 6.00. Ba laifi. Sai dai ku lura da raunin dabarar. Katakon ƙarshe ƙarami ne a hoto, kuma idan rularka ta zame da milimita 2 ka karanta 4.8, tsawon zai zama mita 6.5. Idan ka karanta 5.2, zai sauko 5.7. Milimita biyu a takarda sun zama santimita 40 a ƙasa. Shi ya sa nake son ku riƙa neman shaida ta biyu a cikin hoton. Ku ƙirga rodi: idan an ɗaure su tazarar santimita 20, kuka ƙirga guda 30 a jere, gibi 29 ke nan, mita 5.80, da ɗan abin da aka bari a kowane baki, kun dawo kusan mita 6. Ko ku ƙirga bulon bangon da ke gefe. Bulon da ake bugawa a Kamaru yawanci santimita 40 ne, na Najeriya 45, kuma kada a manta da kaurin simintin da ke tsakaninsu. Idan ƙirga da rula suka yi kusa da juna, hankali ya kwanta. Idan suka saɓa da yawa, ba a raba tsakani, sai a aika a auna da tef.

Wasu ƙananan abubuwa kan hoton kansa. Kada a yi amfani da kyamarar nan mai faɗi da ake rubuta wa 0.5x, domin tana lanƙwasa layuka a gefe, katako miƙaƙƙe ya zama kamar baka. Gara a ja da baya a ɗauka da 1x, kusurwa huɗun duk su fito, kuma kada su manne da bakin hoton. Gwargwadon tudun da mai hoto ya hau, gwargwadon kyan awon, don haka kan bango ya fi kan bulo. A turo hoton a WhatsApp a matsayin fayil, domin idan aka turo shi yadda aka saba ana matse shi, bakin katako ya dushe. Kuma kullum daga ciki zuwa ciki ake aunawa. Katako mai kaurin santimita 3 a kowane gefe yana ƙara santimita 6 ga wanda ya auna ta waje.

To, mun samu mita 4.20 da mita 6.08. Ka tambayi mai aikin kauri, ya ce santimita 12 aka ce wa kafinta. Ka ninka: 4.20 sau 6.08 sau 0.12, ya ba da mita kubik 3.06. A ƙa'idar da aka saba da ita a wuraren gini na Kamaru, kankare mai rodi yana cin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. Ke nan buhu 22. A nan ne yawancin matasa suke tsayawa su tura amsa, kuma a nan ne nake roƙonku kada ku tsaya.

Santimita 12 ɗin nan ba awo ba ne, niyya ce. Ba wanda ya gan ta a hoto. Abin da ake gani shi ne bakin katako daga sama da jar ƙasa a ƙarƙashin rodi, kuma daga nisan mita 4 zuwa 10 ido ba ya bambance ramin santimita 2 da tudun santimita 2. Amma duba nauyin santimita ɗaya a wannan aikin. Filin daɓen, idan aka ɗauki tsawon mita 6, murabba'in mita 25.2 ne. Kowane santimita ɗaya na kauri yana cin rubu'in mita kubik, kusan buhu biyu. Kuskuren santimita 8 da muka yi a tsawo bai kai sulusin buhu ba. Ke nan duk wahalar da muka sha da rula a kan ƙaramin abu ce, babban yana ƙarƙashin rodi inda hoto bai kai ba.

Ƙasar cikawa kuwa ba ta taɓa kwanciya daidai. Leburori suna daddale baki da kyau saboda a nan maigida yake tsayawa, tsakiya kuma inda baro ya yi ta wucewa ya lotsa. A kwarin Binuwai da Mayo Kébi akwai baƙar ƙasar nan mai laka da ake kira karal, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Idan a kanta aka yi ciko ba a kwashe ta sama ba, ko aka yayyafa ruwa daren jajibirin zubi, wurin da ya yi daidai jiya yana iya sauka yau. Hoton da aka ɗauka shekaranjiya bai san da wannan ba.

Maganinsa igiya ce da tef, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya idan ka yi masa bayani a waya. Da farko ka tambayi kafinta: "Baba, kankaren zai cika har bakin katako ne, ko akwai alamar da kuka sa?" Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin sau da yawa katakon ya fi kaurin da ake so tsayi, sai a buga ƙusa ko a ja layi a jikinsa a ce nan ne iyaka. Daga nan a ɗaure igiya a daidai wannan iyakar daga gefe zuwa gefe, a ja ta ta yi tauri sosai don kada ta yi ciki, a sa tef a tsaye daga igiya zuwa ƙasa. A yi layi uku, kusa da kowane ƙarshe da kuma tsakiya, kowane layi a auna wuri uku. Awo tara ke nan. A ce ga abin da yaron ya karanto maka: 12, 12, 13 a layin farko, 12, 15, 14 a na tsakiya, 12, 14, 13 a na ƙarshe. Jimilla 117, a raba da 9, matsakaicin kauri santimita 13. Dubi 15 ɗin nan na tsakiya, shi ne sawun baro. Yanzu 25.2 sau 0.13 ya zama mita kubik 3.28.

Idan awon ya nuna wani wuri 9 ko 10, to matsalar ta juya. Ba siminti ne zai ƙaru ba, daɓen ne zai yi siriri a wurin, rodi ya kusa taɓa ƙasa ko ya leƙo sama, kuma nan ne zai fara tsagewa idan aka jibga buhunan masara. Sai a kankare tudun kafin zubi. Wannan awon na igiya yana tsare aljihun mai aiki, yana kuma tsare ingancin daɓen.

Akwai abu na biyu da hoton ya ɓoye. Ka sake tambaya: an haƙa baki? A yawancin daɓen da ake so ya ɗauki nauyi, ana zurfafa gefe kewaye da shi don kada ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa. Daga inda mai hoto ya tsaya, katakon kusa ya rufe ramin da ke bayansa, na gefe da na nesa kuma sun yi kama da inuwar katako. A ce kafinta ya ce akwai, faɗinsa santimita 20, ƙarin zurfinsa 15. Tsawon ramin idan aka bi tsakiyarsa mita 19.6 ne. Ninka 19.6 sau 0.20 sau 0.15, ka samu mita kubik 0.59. Buhu huɗu ke nan da ba su bayyana a hoto ba. Jimilla ta kai 3.87.

Sai asara. Kankaren da aka kwaɓa da shebur a ƙasa yana barin wani abu a wurin kwaɓi, wani ya manne a baro da kwano, wani ya zube a hanya. Katako kuma idan turakun da suka tokare shi sun yi nisa da juna, yana buɗewa da nauyin ɗanyen kankare, daɓen ya ƙara faɗi ba da izinin kowa ba. Ana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Da injin kwaɓi da kafinta mai kyau, 5 ya isa. Da shebur, kuma a garin da ba za ka aika yaro ya dawo da buhu biyar cikin minti goma ba, ka sa 10. Mun tashi da mita kubik 4.25, wato buhu 30.

Ku kwatanta: hoto da niyya sun ce 22, igiya da tambaya biyu sun ce 30. Ba a yi kuskuren lissafi a na farkon ba, ninkawar daidai take. Abin da aka ninka ne bai cika ba.

Sauran kaya suna bin wannan lambar. Kowace mita kubik tana son kusan lita 400 na yashi da lita 800 na tsakuwa. Kada ku yi mamakin ganin jimillarsu ta wuce lita 1000, domin yashi yana shiga ramukan tsakuwa ne, siminti da ruwa su shiga ramukan yashi. Aikinmu zai ci yashi mita kubik 1.7 da tsakuwa 3.4. Idan baron wurin yana ɗaukar lita 60, kowane buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na yashi da biyu na tsakuwa, amma ku auna baron da jarka mai lita 20 tukuna, domin baro ya bambanta, kuma cikin lebura na safe ba ɗaya yake da na azahar ba. Yashin da aka ɗebo daga bakin mayo da danshinsa yana kumbura, baro ya cika a ido alhali yashin bai kai ba, kuma ruwan da ke jikinsa yana cikin lissafin ruwan kwaɓi. Ruwan kansa kamar lita 25 ne ga buhu, kusan duro huɗu masu lita 200 ga dukan aikin, ban da wanda za a riƙa shayar da daɓen har kwana bakwai. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garoua da kewayenta ke haura digiri 40 kuma rijiyoyi sun ja baya, a tanadi ruwan nan tun kafin ranar, kamar yadda ake tanadin siminti.

Me ya sa nake matsa muku a kan buhu takwas? Domin ƙarancin siminti ranar zubi ba ƙarancin kuɗi kawai ba ne. Masana'antar Cimencam tana Figuil, a kan babbar hanyar Garoua zuwa Maroua, manyan dillalai suna Garoua, kuma motar da za ta bi ta Pitoa ta kai kaya Bibémi ba a minti talatin take zuwa ba. Kankare kuwa a irin zafin nan yana fara ƙamewa cikin kamar awa ɗaya. Idan aka kai kashi uku cikin huɗu na daɓen aka ga buhuna sun kusa ƙarewa, abu biyu ke faruwa, kuma duka na sha gani. Ko dai a tsaya a jira, sabon kankare ya zo ya tarar da tsohon ya daskare, su haɗu ba su kama juna ba, a samu layin da ruwa zai riƙa bi har ya kai ga rodi. Ko kuma, wanda ya fi muni, shugaban leburori ya ce a ƙara yashi a ƙara ruwa don siminti ya kai. Sai ƙarshen daɓen ya fito da launi mai haske, bayan wata biyu ka goga ƙafa ka ga gari yana tashi. A sito, wannan kusurwar ce za ta riƙa jan danshi zuwa gindin buhunan gyaɗa. Mai aikin ba zai tuna da wanda ya ƙara yashi ba. Zai tuna da wanda ya ce masa 22.

Idan hoton na rufin sama ne, wato dekin, ku ƙara taka-tsantsan. A can kaurin ya fi daidaituwa tunda katako ne a ƙasa, amma bim ɗin da ke sauka ƙarƙashin dekin ba sa nuna zurfinsu daga sama, sai an auna kowanne an lissafa shi daban. Kuma a Kamaru an fi yin dekin mai bulo a ciki, wanda ake kira 16+4: bulo mai rami na santimita 16, da kankaren santimita 4 a kansa, da siraran bim a tsakanin layukan bulo. Wanda ya ninka fili da santimita 20 zai sa a sayi fiye da ninki biyu na abin da ake buƙata. Kaurin dekin da yawan rodinsa kuwa ba abin da ake yankewa daga hoto ba ne ko kaɗan. Wannan aikin injiniya ne, domin mutane za su kwana a ƙarƙashinsa.

Ga yadda nake so amsarku ta kasance idan hoto kaɗai ke hannunku kuma ana matsa muku. Kada ku ba da lamba ɗaya tsirara. Ku ce: "Alhaji, a hoto na ga faɗi mita 4.20, tsawo kusan 6. Idan kaurin 12 ne ko'ina kuma ba a haƙa baki ba, buhu 22 ne kafin a sa asara. Kowane santimita ɗaya da ya ƙaru, a ƙara buhu biyu. Kada mota ta tashi sai an ja igiya an karanto min awo tara." Wataƙila ya ce kun cika tsawaitawa. Ku yi haƙuri ku maimaita, domin aikin igiyar bai wuce rubu'in awa ba. Idan akwai tef a wurin, a auna faɗi da tsawo da shi a lokaci guda, har da kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. Idan awon biyun nan suka zo ɗaya, kuma katakon da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya ne, katakon ya yi kusurwa daidai. Idan suka bambanta, ya karkace, kuma dabarar tsukewar faɗi da muka yi a sama ba ta da tabbas a kansa, tunda ta ginu ne a kan cewa katakon gefe biyun suna tafiya ba sa matsowa ko buɗewa.

Ranar zubi, ku sa wani ya riƙa ajiye buhunan da aka juye a wuri ɗaya. Kafin a fara, a yi alama a jikin katakon gefe a daidai rabin tsawo. Idan kankare ya iso alamar, a ƙirga: a aikinmu bai kamata a wuce buhu 15 ba. Idan an ci 17, to tun yanzu kun san za a gaza da huɗu, kuma da sauran lokacin aikawa a nemo a cikin gari kafin a kai ƙarshe. Idan kuma ya tabbata ba za a samu ba, kada a tsarma kwaɓi, kada kuma a bar bakin kankaren ya malale a gangare. A kafa katako a tsaye daga gefe zuwa gefe, a yanka masa gurbi rodi su wuce ta ciki, a cika har jikinsa da kwaɓi mai ƙarfi, a tsaya a nan. Washegari a cire katakon, a sassaƙe fuskar har tsakuwa ta bayyana, a wanke ƙurar, a jiƙa ta, a shafa ruwan siminti mai kauri, sannan a ci gaba da zubi tun bai bushe ba.